Me ya sa lambar shiga ba ta zuwa in ka bar ƙasa?

Duk shekara lokacin aikin Hajji da Umara, ana samun alhazan da kuɗi ke cikin asusunsu amma sun kasa taɓa ko kwabo. Mutum ya sauka Jidda ko Madina, ya cire layinsa na gida ya sa na STC ko Mobily don kira ya yi masa sauƙi. Ya buɗe manhajar banki zai tura wa iyali kuɗin cefane, sai ta ce an aiko masa da lambar OTP ta saƙon tes. Ya jira, shiru.

Banki lambar layi ya sani, wadda ka ba shi ranar buɗe asusu. Can yake aika saƙon, ko da layin yana ƙunshe a takarda cikin jaka. Intanet ɗin otal ba zai kawo shi ba, domin tes ta hanyar kamfanin waya take bi.

Ko ka mayar da layin cikin waya, sai kamfaninka ya buɗe maka abin da ake kira "Roaming", wato izinin hawa sabis ɗin wani kamfani a ƙasar waje. Gwajin mai sauƙi ne. Duba saman wayar, in babu sabis, layin bai hau ba. Shiga saitin waya ka zaɓi kamfani da hannunka, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. In akwai sabis, sa wani a gida ya turo maka tes. Idan ta iso amma ta banki ba ta zo ba, matsalar tana tsakanin banki da kamfanin waya, bankin za ka kira. Kada ka yi ta danna a sake turowa. Lambar mintuna kaɗan take aiki, kuma yawan nema yakan sa a kulle ka.

Canjin layi kuwa iri biyu ne. Wanda ya yi sabon kati da tsohuwar lambarsa yakan jira ɗan lokaci, don wasu bankuna na dakatar da hulɗa da layin da aka sabunta saboda 'yan damfara. Wanda ya koma sabuwar lamba, dole ya je banki a canza masa. Wannan ne ya fi damuna, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na rufe shi, daga baya ya sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo.

Kafin tafiya, a tabbatar layin yana haɗe da NIN, a buɗe masa izinin waje, a bar kuɗi a ciki, a riƙe waya mai layi biyu. A kuma nemi banki ya ba da 'yar na'urar da ke fitar da lamba da kanta, wadda ba ta buƙatar sabis. Imel da makamantansa kuwa, manhaja irin Google Authenticator tana sauya lamba duk daƙiƙa 30 ko babu layi a wayar, amma sai an saita ta tun ana gida.