Abin da ya kamata ku sani kafin ku tura saƙon barka ga ƙungiya

A Gaya, ƙungiya ɗaya takan haɗa Badande da Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani, wani yana kasuwanci a Malanbil ta ƙasar Benin, wani yana zaune a Kamba ta jihar Kebbi. Idan ɗaya daga cikinsu ya gama karatu ko ya samu aiki, saƙon barkar da za a tura ba shi kaɗai zai ji ba. Wanda ya faɗi jarrabawa zai ji, haka ma wanda ya shekara yana neman aiki bai dace ba.

Da farko a nemi izinin mai abin. Wasu ba sa son a baza labarin aikinsu sai sun kama shi, kuma haƙƙinsu ne. Sannan a duba lokaci. A jarrabawar bak ta Nijar, akwai waɗanda ke ci a zagayen farko, akwai masu jiran zagaye na biyu. Idan ƙungiyar tana da irin waɗannan, a yi wa wanda ya ci barka shi kaɗai tukuna, a bar saƙon taro sai komai ya kammala.

Misali, wata ’yar ƙungiya ta gama Jami’ar Doso. Ana iya cewa: “Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Ƙanwarmu wance ta kammala karatunta a Jami’ar Doso. Muna yi mata barka, da mahaifanta da malamanta da duk wanda ya taimaka. Allah ya sa albarka. Waɗanda ke kan hanya, da masu neman aiki, da masu sana’a, Allah ya buɗa wa kowa.”

Ku lura, an ambaci sunanta da abin da ta cimma, an gode wa mataimakanta a dunƙule. Lissafa su ɗaya bayan ɗaya yakan sa a manta da wani, daga nan sai ƙorafi. Ba a kuma ce “ta fi kowa” ba, ba a ce “saura ku yi koyi” ba, domin kalmomin nan gori ne ga wanda bai samu ba. Albashi kuwa ba a zancensa sam.

Tunda ba kowa ke karanta boko ko Faransanci ba, a bi rubutun da saƙon murya cikin Hausa da Dandanci. Idan akwai Kiristoci a ciki, a yi addu’ar da kowa zai iya ce mata amin. In za a haɗa gudunmawa, ko da sefa ko da naira, a ce “wanda ya samu hali”, kada a fitar da jerin abin da kowa ya bayar.

Kafin ku tura, ku karanta saƙon kamar ku ne kuka faɗi jarrabawar bana. Duk kalmar da ta sosa muku rai, ku cire ta.