Abubuwan da ya kamata ka sani game da "pro bono"

Me kalmar ke cewa?

Latinanci ne, kuma guntule shi aka yi. Cikakkensa shi ne pro bono publico: "pro" na nufin domin, "bono" alheri ko amfani, "publico" kuma na jama'a. Wato domin amfanin jama'a. Ka lura, babu kalmar kyauta a ciki. Al'adar lauyoyi ce ta mayar da shi sunan aikin da lauya zai yi wa marar hali ba tare da karɓar ladansa ba.

Me ake yafewa, me ke nan daram?

A nan ake yawan samun saɓani. A ce wata bazawara ce a Kiru, 'yan uwan mijinta sun hana ta tumunin takaba a gonar da ya bari. Ta yi ƙara a kotun shari'a, ba ta gamsu da hukunci ba, sai wani lauya a Kano ya ce zai ɗaukaka mata ƙara pro bono. Abin da ya yafe guminsa ne: nazarin shari'ar, rubuta hujjoji, tsayawa gaban alƙali. Amma kuɗin shigar da ƙara, da na kwafin shari'a, da na kai sammaci, da kuɗin motar shaidu, duk suna nan sai wani ya biya. Don haka tun zaman farko ta tambaya, wa zai ɗauki wanne, a kuma rubuta. In kuwa lauyan ya ce zai yanki kaso in an ci gonar, wannan ciniki ne, ba pro bono ba.

Ko shari'ar Amina Lawal haka ta kasance. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a Maris 2002, ta Funtuwa ta tabbatar, sai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta wanke ta ranar 25 ga Satumba 2003. Hauwa Ibrahim tana cikin lauyoyin da suka tsaya mata ba lada, amma sai da ƙungiyoyi irin su WRAPA da Baobab suka tallafi tafiyar ta wata goma sha takwas.

Me lauyan ke samu?

Ba duka ne fisabilillahi ba, kuma ban ga aibin hakan ba. Dokar tallafin shari'a ta 2011 ta ce mai neman muƙamin Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, sai ya nuna ya gudanar da aƙalla irin waɗannan shari'u 3 a shekarar da ta gabaci nemansa.

Dokar ta kuma ɗauki watsar da su a matsayin saɓa ƙa'idar aiki. Saboda haka in bazawarar ta ga ana ta ɗage zama don lauyanta bai zo ba, kada kunyar "ai taimako yake yi" ta rufe mata baki. Kotu na iya korar ƙarar da aka daina bibiya, ita kuma bazawarar tana da damar kai kuka ga ƙungiyar lauyoyi.