Kalma Ɗaya, Ma'ana Barkatai: Tantance Alamar Maudu'i Kafin A Sake Ta

Gabatarwa

A shekarar 2007 ne Chris Messina ya ba da shawarar a riƙa sa alamar # a gaban kalma a dandalin Twitter, domin a tattara duk maganganun da suka shafi abu ɗaya a wuri guda. Wannan ita ce alamar maudu'i. Abin da ya kamata manazarcin harshe ya lura da shi shi ne, na'ura ba ta duban harshe ko ma'ana, jerin haruffa kawai take dubawa. Saboda haka duk wanda ya rubuta haruffa iri ɗaya, Bahaushe ne ko Bajapane, zaure ɗaya za a zaunar da su. Maƙalar nan za ta yi nazarin wannan matsala ta hanyar kalmomin noma na yankin Funtuwa da Malumfashi.

Misali Daga Kalmomin Noma

Mu ƙaddara wata ƙungiyar manoma a Funtuwa tana son tallata amfanin gonarta ga 'yan kasuwa na nesa. Kalmar da za ta fara zo musu ita ce #noma. To amma a harshen likitoci, noma sunan wata muguwar cuta ce mai cin naman baki da fuskar yara. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Bugu da ƙari, wani shahararren gidan abinci na birnin Kwapanhegan ya yi suna da wannan kalma. Ke nan hoton gonar masara zai faɗa tsakanin hotunan majinyata da na akusan Turawa, mai saye kuwa ba zai gan shi ba.

Idan suka koma ga #kaka, wato lokacin girbi, sai abin ya ƙara muni. Ko a Hausa kalmar tana nufin mahaifin uba ko na uwa. A Suwahili tana nufin wa, a Turkanci da Hangariyanci kuwa kalmar yara ce ta kashi, ga kuma ɗan ƙwallon Birazil mai wannan laƙabi. Haka nan #gero: a Japananci wannan lafazi amai yake nufi. Ita kuwa #dawa ba ta da muni, sai dai a Suwahili da Hindi magani take nufi.

Dalilin wannan karo a fili yake. Kalmomin nan duka gaɓa biyu gare su, kowace gaɓa baƙi da wasali, kuma wannan tsari ya yawaita a harsunan duniya. Sa'an nan rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wasulan gero dogaye ne a bakin Bahaushe, na Japananci gajeru ne, amma a rubuce ba su da maraba.

Hanyar Tantancewa

Mataki na farko shi ne a rubuta alamar a gurbin bincike na kowane dandali da za a yi amfani da shi, a karanta abin da ya fito, sabo da tsoho. In akasarinsa ba Hausa ba ne, to wasu sun riga sun mamaye zauren. Na biyu, a duba ƙamus mai harsuna da yawa irin Wiktionary, inda ake jera ma'anonin kalma harshe bayan harshe. Sai dai ƙamus yakan bar zagi da karin maganar matasa a baya, don haka ba ya wadatarwa sai an tambayi masu harshen, musamman Yarbawa da Ibo da Fulani da ake cinikin hatsi da su a kasuwanni irin ta Dandume.

Na uku, a rubuta alamar da ƙananan haruffa zalla, ba lanƙwasa, a sake karantawa, domin na'ura ba ta bambanta babban harafi da ƙarami, kuma mutane da yawa ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Ta haka ƙasa takan koma kasa, wato macijiya ko gazawa.

Kammalawa

Maganin da nahawun Hausa ya tanada shi ne ɗafa ƙeyar nasaba, wato -n ko -r, a haɗa kalmar da wata. In manoman nan suka rubuta #NomanAudugaFuntua ko #KakarMasaraMalumfashi, da wuya wani harshe ya zo da irin wannan jeri. Illarsa ita ce tsawo, wanda kan jawo kuskuren rubutu, saboda haka kalma uku ta isa. Kuma tun da ma'ana takan sauya, ya kyautu a maimaita binciken a ranar da za a saki alamar, domin in ta bazu ba a iya janye ta.