Don Allah a daina fara sibi daga firamare

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya kawo mini takardar neman aikinsa in duba masa, wadda muka saba kira sibi, wato takardar da mutum ke bayyana karatunsa da wuraren da ya yi aiki. Wani kamfani ne ke neman mataimakin akanta. Shafi huɗu ce cur. Na karanta shafin farko na san ranar haihuwarsa, da ƙaramar hukumarsa, da addininsa, da cewa bai yi aure ba, da sunan firamaren da ya gama a 2009. Na shiga shafi na biyu na iske an naɗa shi mai kula da tsabtar makaranta a sakandare. Sai a ƙasan shafi na uku, tsakanin wani kwas na kwana uku da jerin abubuwan sha'awarsa, na gano cewa yaron nan yana riƙe da littafin kuɗin wani kamfanin casar shinkafa tun Yulin 2024, kuma har yau yana can. Abin da masu ɗaukar aikin ke nema ke nan, shi kuma ya binne shi.

Na ce masa, "Wa ya tsara maka wannan?"

Ya ce, "Kawu, a shagon kwamfuta aka buga mini. Mai shagon ya ce haka ake yi, daga farko ake farawa."

Na gaji da jin wannan magana. Ta samo asali ne daga zaton cewa sibi tarihin rayuwa ce, a fara daga haihuwa a gangaro har zuwa yau, kamar yadda ake gabatar da babban baƙo a wurin taro. Mai shagon kuwa ba shi da laifi sosai. Wata tsohuwar takarda ce ajiye a cikin injinsa, duk wanda ya zo sai ya goge sunan na baya ya sa nasa, duk abin da aka tuno daga baya kuma a liƙa shi a ƙarshe. Shi ya sa za ka ga aikin bara a ƙarƙashin sunayen masu ba da shaida.

Amma ka tsaya ka dubi wanda zai karanta. Ma'aikaci ne da aka jibge wa tarin takardu, aka ce ya fitar da 'yan kaɗan da za a kira ganawa. Tambayar da ke ransa ɗaya ce: me wannan mutumin yake yi yanzu, kuma ya yi kama da aikin da muke da shi? Idonsa na sauka a saman shafin farko. In ya tarar da amsa a can, sai ya ci gaba. In ya tarar da firamare, ba zai yi ta tono yana neman ka ba, domin akwai wata takardar a ƙasan taka. Firamare ba ta bambanta ka da kowa. Duk wanda ya riƙe babbar difloma an san ya bi ta can, kuma ba a taɓa ɗaukar akanta don ya zo na ɗaya a aji shida ba. Wasu na cewa farawa da aikin yanzu kamar yabon kai ne, ko rashin girmama makarantun da suka rene ka. Haba jama'a! In ka kai tumatir kasuwa, na jiya kake ɗorawa a saman kwando ko na yau? Wasu kuma sun ɗauka kaurin takarda shi ne ƙwarewa. Wanda bai kai shekara biyar yana aiki ba, shafi ɗaya ko biyu sun ishe shi. Ƙarin da ke bayan haka yawanci ciko ne, mai karatu kuma yana gane ciko.

Saboda haka tsarin da aka fi bi shi ne a fara da na baya-bayan nan a koma baya: aikin da kake yi yau a sama, wanda ka bari kafinsa a ƙasa, haka har zuwa na farko. Karatu ma haka, shaidar da ka samu ƙarshe ita ce a kan gaba.

Ga yadda muka yi da ta yaron. Da farko na hana shi taɓa kwamfuta. Na ce ya kwaso takardunsa na asali, satifiket da wasiƙun ɗaukar aiki da takardar kammala hidimar ƙasa, muka baza a tabarma. Kowane abu muka rubuta shi a ƙaramar takarda tasa daban, da abu huɗu a kai: matsayi, wuri da gari, wata da shekarar farawa, wata da shekarar gamawa. Kwanan wata daga takardar asali ake ɗauka, ba daga ka ba. Nan take muka kama kuskure: tsohuwar sibin ta ce ya gama hidimar ƙasa a 2022, alhali shaidarsa ta ce 2023. Ba ƙarya ya yi niyya ba, shekarar shiga ce aka buga a gurbin ta fita. Sai dai ranar tantancewa, wanda ya haɗa takardun biyu ba zai tambayi niyyarka ba.

Daga nan muka kasa su tuli uku, na aiki, na karatu, na kwasa-kwasai. Kowane tuli kuma muka jera shi bisa ranar gamawa. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su jera bisa ranar farawa. Abin da bai ƙare ba shi ke zama sama, sannan wanda ya ƙare kwanan nan. Tulin aikinsa ya fito haka: mai kula da littafin kuɗi a kamfanin shinkafa, Yuli 2024 zuwa yau; sai kula da lissafin shagon mahaifinsa, Disamba 2023 zuwa Yuni 2024; sai koyarwa a wata sakandare lokacin hidimar ƙasa, Nuwamba 2022 zuwa Nuwamba 2023; sai aikin sanin makama na shekara ɗaya da ya yi tsakanin ƙaramar difloma da babba, 2018 zuwa 2019. Ka lura hidimar ƙasa cikin aiki muka sa ta, domin shekara guda ya yi yana zuwa wurin aiki ana dogara da shi.

Sai aka zo kan wata 'yar matsala. Tun 2021 yake koya wa yara lissafi da yamma, kuma bai daina ba. Abu biyu ke nan da ba su ƙare ba. Bisa ƙa'ida wanda aka fara daga baya shi ke hawa sama, wato aikin kamfanin, kuma dama shi ne ya dace da abin da ake nema. Koyarwar yamma muka ba ta layi ɗaya tare da bayanin cewa ta bayan tashi ce, don kada mai karatu ya yi zaton mutum ɗaya yana riƙe da cikakken aiki biyu a lokaci guda.

Wata bakwai ɗin shagon mahaifinsa ba sa cikin tsohuwar takardar ko kaɗan. Ya ce kunya yake ji, kuma wani abokinsa ya ba shi shawara ya ja ranar fara aikin kamfanin baya zuwa Janairu don giɓin ya toshe. Wannan shawara ce ta mugunta. Tsarin da muke magana a kai yana fito da giɓi fili, gaskiya ne, shi ne ma aibinsa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, waya ɗaya zuwa ga tsohon maigidanka ta isa. Kuma masu ɗaukar aiki a ƙasar nan suke zaune. Sun san an rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, sun san malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022, sun san ana gama hidimar ƙasa a zauna ana jira. In ka yi wani abu na gaske a lokacin, rubuta shi da sunansa. Yaron nan shi ke rubuta bashi da ciniki, shi ke lissafin kaya ƙarshen wata. Ga mai neman akanta, wannan aiki ne. In kuma jinya ka yi ko zaman jira, bar kwanakin yadda suke, ka shirya amsa gajeriya don ranar ganawa.

A ƙarƙashin kowane aiki muka sa layi biyu zuwa huɗu na abin da ya yi da hannunsa. Aikin yanzu ya fi samun fili, na shekarun baya layi ɗaya. Maimakon "mai ƙwazo da riƙon amana", wanda kowa ke rubutawa, sai muka sa cewa yana shigar da cinikin kullum, yana daidaita littafin kuɗi da takardar banki kowane wata, yana shirya biyan leburori duk mako. Karatu ya biyo baya: babbar difloma 2022, ƙaramar difloma 2018, sakandare 2015 a layi guda. Firamare ta fita. Da a ce bai taɓa aiki ba, da karatun ne zai hau sama, amma shi ma daga na ƙarshe zuwa baya.

Sai a lokacin muka kunna kwamfuta. Mai amfani da Word ba ya buƙatar sake buga komai: ka haskaka sakin layin da kake son matsarwa, ka danne `Alt` da `Shift`, ka buga kibiyar sama ko ta ƙasa, zai tashi ya koma inda kake so. Kwanan wata duk su zama iri ɗaya, sunan wata da shekara. Tsohuwar takardar tana da iri uku, har da 03/04 wanda ba ka san ko uku ga Afrilu ba ne ko huɗu ga Maris. Kada kuma a tura kwanan wata gefen dama da dukan maɓallin tazara sau talatin, domin da an buɗe a wani injin sai layukan su wargaje. A yi amfani da `Tab` da aka saita a dama. In an gama a ajiye a PDF, a sa wa fayil ɗin sunanka, sannan a buɗe shi a waya a gani da ido kafin a aika.

Akwai inda za a sassauta wannan duka. Jami'o'i da wasu hukumomin gwamnati sukan jera a cikin tallarsu abin da suke so a rubuta da yadda zai biyo juna, har da ranar haihuwa da jihar asali da makarantun da aka yi. In talla ta faɗi haka, bi ta layi-layi, firamaren ma ka sa in sun nema. Kamfanin da yaron ke nema bai ce komai a kai ba, shi ya sa muka bar suna da lambar waya da adireshin imel da gari kawai a sama.

Sibin yaron ta koma shafi ɗaya da rabi. Kafin ya tafi na miƙa wa ƙanwarsa, wadda ke aji biyar na sakandare, na ce ta duba na ɗan lokaci kaɗan ta rufe, ta gaya mini aikin da yayanta ke yi. Ta ɗaga kai ta ce, "Kawu, yana riƙe kuɗin masu shinkafa." Na ce masa ya je ya aika.