Wata Huɗu Tsakanin Takardar Sallama da Kuɗin Fansho

Ranar da aka miƙa wa ƙanena takardar sallama a kamfanin da ya yi wa aiki shekara bakwai, sai bayan isha'i ya shigo wurina, takardar a ninke cikin aljihun gaba. Bai daɗe da zama ba ya ce, "Yaya, da sauƙi. Ina da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu." Na ce masa ba wannan nake son ji ba, wata nawa gare shi? Ya yi shiru. Mai albashi ya saba ƙirga kuɗinsa da naira, domin ya san ƙarshen wata wani na tafe. Wanda aka sallama kuwa dole ya koyi ƙirga su da watanni, kuma a Najeriya akwai adadin watannin da doka ta riga ta yanka masa.

Dokar Fansho ta 2014 ta ba ma'aikacin da ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa na fansho, amma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Bayan watannin huɗu kuma akwai cike takardu, da jiran amincewa, da jiran kuɗin su faɗo. Saboda haka mai hankali wata biyar yake sa wa ransa, ba huɗu ba. Wannan shi ne kogin da za a haye, kuma duk wani yanke-yanken kashe kuɗi da za a yi, a kansa ake auna shi.

Muka ɗauko takarda. Kuɗin da ke hannunsa kashi uku ne: ajiyar banki 700,000, albashin wata ɗaya da aka ba shi a madadin wa'adin sallama 300,000, da 200,000 da ya tara a ƙungiyar adashin ma'aikata. Batun wa'adin nan yana da kyau a sani. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye a ba shi wa'adin wata guda, wanda ya yi tsakanin shekara biyu da biyar kuma mako biyu, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Manyan ma'aikatan ofis kuwa galibi abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ke hukunci, don haka a nemo ta a karanta kafin a sa hannu a kan komai.

Abin da gidansa ke ci a wata 280,000 ne. Ya raba, ya ga wata huɗu da 'yan kwanaki, har ya ɗan saki fuska. Sai na tambaye shi yaushe kuɗin hayarsa zai ƙare. Saura wata biyar, kuma 400,000 ne. A nan mafi yawan masu albashi ke faɗawa rami, domin a garuruwanmu haya ta shekara ake biya, ba ta fitowa a lissafin wata, sai dai ta faɗo wa mutum a ka rana ɗaya. Da muka cire ta, saura 800,000. A kan 280,000 a wata, ko wata uku ba za su kai ba. Wato kuɗinsa za su ƙare wata guda kafin ma ya cancanci neman na fansho. Idan yana son ya kai wata biyar, dole gidan ya koma rayuwa a kan 160,000.

To daga ina za a fara yanka? Mutane kan fara da abin da ya fi sauƙin bari, ko abin da ba wanda zai gani. Ma'aunin da ya fi shi ne a tambayi kowane kashe kuɗi tambaya ɗaya: in na daina biyanka, me zai same ni, kuma yaushe? Haya in ba a biya ba, mutum ya rasa matsuguni, kuma neman sabon gida na nufin kuɗin shekara guda a dunƙule da la'adar dillali. Maganin hawan jini in aka tsallake shi, abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin duk ajiyar. Waɗannan ba a taɓa su. Kuɗin hayar ma na sa ya tura su wani asusu daban wanda ba shi da katin cirewa, domin kuɗin da ido ke gani kullum, hannu na kai musu.

Mota muka fara kamawa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mota ta zama mata ta biyu a gidan mai matsakaicin albashi. Tasa tana shan 45,000 a wata, mafi yawa zuwa aikin da yanzu babu shi. Muka ajiye ta, muka ware 10,000 na adaidaita sahu don zuwa neman aiki. Wuta da man janareta da data da tashoshin talabijin na biya suna cin 30,000. Muka mayar da su 12,000. Janareta ya huta, talabijin ya koma tashoshin kyauta, amma data ba mu kashe ta ba, domin ta waya ake jin labarin aiki, kuma mai neman aiki da wayarsa ke kashe ya rufe ƙofarsa da kansa. Waɗannan biyu kaɗai sun ba mu 53,000 ba tare da an taɓa tukunya ba.

Adashin unguwa da yake zuba wa 20,000 ya zo da sauƙi, don bai kai ga kwasa ba tukuna. Ya je ya sami uwar adashi, aka sa wani a gurbinsa, za a mayar masa da abin da ya zuba idan zagaye ya ƙare. Da ya riga ya kwasa, da labari ya sha bamban: zubin ya zama bashi, kuma bashin mutanen da kake haɗuwa da su a masallaci sau biyar a rana yana gaba da abubuwa da yawa.

Inda muka daɗe muna ja shi ne 25,000 na dangi. Cikinsu 10,000 maganin mahaifiyarmu ne, wannan ya zauna. Sauran 15,000 na gudummawar biki da suna da ɗan abin da ake miƙa wa wanda ya zo gaisuwa ne, kuma a kansu ya kafe. "Yaya, in na daina, ai kowa ya san an kore ni." Na ce ai so nake su sani. Na ga magidanta da yawa da suka ci gaba da fita ƙarfe bakwai da babbar riga har tsawon wata biyu don kada matansu su gane, cefane yana tafiya yadda ya saba, gudummawa tana fita yadda ta saba. Muna kiran wannan rufin asiri, alhali shi ne ke saurin tona shi. Ga kuma wata asara: dangin da ba su san kana neman aiki ba, ba za su kai sunanka ko'ina ba.

Abinci sai a ƙarshe, kuma ba mu muka yanka ba, mai ɗakinsa ce. Da ya gaya mata gaskiya washegari, cewa ta yi, "Maigida, da ka faɗa tun jiya da ban sa a sayo kajin nan ba." Ita ta san inda 120,000 ke tafiya. Ta mayar da shinkafa sau biyu a mako, tuwon masara da ɗanwake da fate suka cike gurbi, nama ya koma na ɗanɗano a miya, burodi da madarar safe suka ba koko da ƙosai wuri. Ta sa ya sayo buhun masara da rabin buhun wake maimakon awon kwano-kwano a shagon unguwa. Lissafinta ya tsaya a 85,000. Sayen hatsi a dunƙule yana da hujja, domin a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100, kuɗin da ke kwance a banki suna narkewa. Amma a sayi na ci kawai. Waɗanda suka ɓoye hatsi don riba sun ji jiki da farashi ya karye a 2025, kuma wanda ba shi da albashi ba shi da ƙarfin jiran kasuwa ta juyo.

Kuɗin makarantar yara, 40,000 da yake warewa duk wata, mun bar su. Cire yaro a tsakiyar zango asara biyu ce, an yi asarar abin da aka biya, ga sabon yunifom da littattafai a inda za a kai shi. Shawarar sauya makaranta ta ƙarshen shekarar karatu ce. Abin da ya yi shi ne zuwa wurin mai makarantar tun kafin a fara koro yara, ya nemi a raba masa biyan gida uku. Da muka tattara, gidan ya tsaya a 157,000. Wata biyar cif, da ɗan canji.

Ƙanena ya yi sa'a ba shi da bashin banki. Wanda ke da shi ya sani cewa ranar da kuɗin sallama suka shiga asusun albashi, bankin na iya ɗaukar nasa kafin ya gani. Kwashe kuɗi zuwa wani banki ma ba mafita ba ce, domin tun 2020 Babban Banki ya kawo tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biya ya cire daga sauran asusunsa. Gara a je tun kafin wa'adi ya wuce a nemi a shimfiɗa biyan, a kuma tambaya ko akwai inshora a cikin yarjejeniyar da ta shafi rasa aiki, don wasu basussukan albashi suna da ita. Manhajojin bashi na waya kuwa, masu aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, a nisance su ko da tukunya ta kwana ba wuta.

Akwai aikin da ba a jira wata huɗu kafin a fara shi. A makon farko na sa ya je kamfanin da ke riƙe da fanshonsa ya karɓo bayanin asusu. Doka ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, amma ba kowane wurin aiki ne ke tura abin da ya cire ba. In akwai giɓi, yanzu ne lokacin bin sa, tun ma'aikatan ofishin suna ɗaga wayarka. Haka nan a tanadi takardar sallama da takardun albashi da shaidar haihuwa, a kuma tabbatar sunan da ke asusun fansho ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa, domin bambancin harafi ɗaya kan cinye makonni. Nasa asusun na da 2,400,000, kwatansa 600,000. Sau ɗaya ake wannan cirar, sauran sai ya kai 50.

A wata na uku wani abokinsa ya zo masa da shawarar su haɗa jari su buɗe shagon cirar kuɗi, kuma idonsa a kan 400,000 ɗin haya yake. Ya kira ni da dare yana ta lissafin riba. Na tambaye shi masu irin wannan sana'a nawa ne tsakanin ƙofar gidansa da bakin titi. Ya ƙirga a waya, ya kai shida. Motar ya sayar a maimakon haka, tun tana tashi da kanta kuma ba wanda ya san yana cikin matsi, sai ya sami farashin da ya nema.

Ya biya haya saura kwana tara wa'adi ya cika. Kuɗin fansho suka shigo a tsakiyar wata na shida, lokacin yana koyar da lissafi da yamma a wata makarantar unguwa, kuma masarar da mai ɗakinsa ta sa aka saya saura kwano huɗu a buhu.