Agogon Da Ba Ya Mantuwa: Yadda Na'urar Kunna Fitila Za Ta Riƙe Lokaci Ko An Ɗauke Wuta

Mai kiwon kajin ƙwai ya san cewa hasken rana kaɗai ba ya isar su. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar yini bai wuce awa 12 zuwa 13 ba, alhali kaza mai saka ƙwai tana son haske na kusan awa 16. Shi ya sa ake kunna fitila a ɗakin kaji tun kafin asuba, a sake kunnawa da magariba. Tashi da ƙarfe huɗu da rabi kullum ba ƙaramin aiki ba ne, don haka matasa masu sha'awar haɗa kayan lantarki sukan ɗauki ƙaramin allon nan da ake kira Arduino, su haɗa shi da makunni mai sarrafa kansa, wato rile, su rubuta masa lokutan kunnawa da kashewa. Kwana biyu abin yana tafiya daidai. Ranar da aka ɗauke wuta, ko aka juya daga wutar gari zuwa janareto, sai lissafi ya rikice, a tarar da fitila tana ci da hantsi, da asuba kuma ɗaki ya yi duhu.

Dalilin shi ne allon Arduino Uno bai san ƙarfe nawa ba. Abin da ya iya kawai shi ne ƙirga tsawon lokacin da ya wuce tun da aka ba shi wuta, da wani umarni mai suna `millis()`. Da zarar wutar ta yanke, ko da na daƙiƙa ɗaya ne, ƙirgar ta koma sifili. A ce an jona shi da ƙarfe 12 na rana, aka gaya masa ya kunna fitila bayan awa shida. Idan wuta ta ɗauke da dare ta dawo ƙarfe 2, shi a wurinsa ƙarfe 12 na rana ne ya sake yi, kuma zai kunna fitilar magariba da ƙarfe 8 na safe. Na'urar lafiyarta ƙalau, agogo ne kawai ba ta da shi.

Maganin wani ɗan ƙaramin allo ne da bai kai kwalin ashana ba, wanda masu sayar da kayan suke kira RTC. Yana da batir ɗinsa na kansa, irin faffaɗan batir mai kama da kwabo da ake gani a cikin kwamfuta, mai lamba CR2032. Idan akwai wuta yana sha daga Arduino, idan ta ɗauke sai ya koma kan batir ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ya ci gaba da ƙirga daƙiƙa, minti, awa, rana, wata da shekara. Wutar da yake ja kaɗan ce ƙwarai, batir ɗaya kan yi shekaru.

Iri biyu aka fi samu a kasuwa, DS1307 da DS3231. Na farkon ya fi araha, amma a ƙasarmu mai zafi ba zan ba kowa shawarar saye shi ba. Duka biyun suna auna lokaci ne da wani ɗan dutsen kiristal da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, kuma zafi da sanyi suna canza saurin kaɗawar. DS1307 ba ya gyara wannan, saboda haka yana iya yin gaba ko baya da mintoci a wata ɗaya. Shi kuwa DS3231 dutsensa yana cikin cikinsa tare da ma'aunin zafi, yana aunawa yana daidaita kansa. Tsakanin sifili da digiri 40 kuskurensa bai wuce kamar minti ɗaya a shekara ba, kuma ko zafin ya haura haka, kamar yadda yake yi a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, bai kai minti biyu ba. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Haɗa shi waya huɗu ne. Wadda aka rubuta GND a kanta ta tafi GND na Arduino, VCC ta tafi wurin wuta, SDA ta shiga A4, SCL kuma A5. Wayoyi biyun ƙarshe su ne hanyar da allunan biyu ke magana da juna, kuma ana so su zama gajeru, nesa da wayar wutar gida. Kuskuren da aka fi yi shi ne musanya SDA da SCL. Alamarsa ita ce allon ya ce bai ga agogon ba, ko kuma a ga lambobi marasa kan gado irin 165 a wurin awa da minti. Duk wanda ya ga haka ya duba wayoyinsa kafin ya zargi agogon.

Akwai wani tarko a kan allunan DS3231 masu araha, musamman wanda aka buga wa ZS-042. An yi masa hanyar cajin batir, domin an tsara shi ne da batir mai karɓar caji, LIR2032. Amma yawanci CR2032 mutane ke sakawa, shi kuwa ba a cajinsa. Idan aka ba allon bolt 5, wutar za ta riƙa matsa wa batir har ya kumbura ko ya lalace, kuma ba za a sani ba sai ranar da aka ɗauke wuta agogon ya tsaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a jona VCC a kan bolt 3.3 maimakon 5. Mai hannu da ƙarfen narka dalma kuma ya cire ɗan rizistan da ke kusa da dayod, wanda galibi aka rubuta 201 a kansa, shi ke nan hanyar cajin ta yanke.

Sai saita lokaci. Yawancin mutane suna amfani da tarin umarnin RTClib na kamfanin Adafruit, kuma a cikin misalansa akwai wannan layi:

```
rtc.adjust(DateTime(F(__DATE__), F(__TIME__)));
```

Aikinsa shi ne ya ɗauki ranar da lokacin da kwamfuta ta harhaɗa manhajar ya zuba wa agogon. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Lokacin da layin ke ɗauke da shi a daskare yake, ba ya motsi. Idan aka bar shi a farkon manhaja babu sharaɗi, duk sanda wuta ta dawo zai sake aiki, ya mayar da agogon zuwa ranar da aka ɗora manhajar. Mutum ya sayi agogo mai kyau, ga batir sabo, amma da hannunsa ya sa ana goge masa lokaci. Alamar wannan ba ta ɓuya: kowace dawowar wuta, agogon yana farawa daga awa ɗaya tak da minti ɗaya tak. Gyaran shi ne a ɗora manhajar sau ɗaya da layin, sannan nan take a cire shi a sake ɗorawa.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe yana gaba, domin agogo mai kyau shi kaɗai ba ya kammala aikin. Yadda aka tsara tambayar da na'urar ke yi wa agogon shi ne ke raba mai aiki da marar aiki. Masu koyo sukan rubuta cewa idan ƙarfe 4:30 ta buga daidai, a kunna fitila. To a ce an ɗauke wuta ƙarfe 4:10, aka tada janareto ƙarfe 5:20. Na'urar ta farka, agogon ya gaya mata gaskiya cewa 5:20 ce, amma 4:30 ta riga ta wuce tana kashe, ba ta ga bugawarta ba. Za ta zauna shiru, kaji kuma su ci gaba da zama cikin duhu har gari ya waye. Tambayar da ta dace ita ce: a wannan mintin da ake ciki, ya kamata fitila ta kasance a kunne ko a kashe?

Don a sauƙaƙa kwatantawa, sai a mayar da kowane lokaci zuwa adadin mintoci daga tsakar dare. Ƙarfe 4:30 minti 270 ke nan, 7:00 kuma 420. Ƙarfe 6 na yamma 1080 ce, 8:30 na dare 1230. Daga 4:30 na asuba zuwa 8:30 na dare awa 16 cif, rana ta ɗauki tsakiya, fitila ta cike gefe biyu.

```
DateTime t = rtc.now();
int m = t.hour() * 60 + t.minute();
bool kunna = (m >= 270 && m < 420) || (m >= 1080 && m < 1230);
digitalWrite(7, kunna ? HIGH : LOW);
```

Na'urar tana maimaita wannan tambaya ba tsayawa. Da janareto ya tashi ƙarfe 5:20, lissafin ya ba da 320, wanda yake tsakanin 270 da 420, sai fitila ta kama nan take. Da wutar ba ta dawo ba sai 7:15, lissafin 435 ne, fitila ta zauna a kashe domin rana ta fito. Ba ta buƙatar tuna abin da ya faru kafin wutar ta ɗauke. Lamba 7 da ke layin ƙarshe ita ce ƙafar da aka jona rile a kanta. Wasu rile ɗin a juye suke aiki, idan an ga fitila tana kamawa a lokacin da ya kamata ta mutu, sai a musanya `HIGH` da `LOW`.

Lokutan da aka rubuta a cikin manhaja kamar haka ba sa gogewa idan wuta ta yanke. Amma wanda ya sa maɓallai don canza lokutan da hannu, dole ya adana su a ma'ajiyar allon da ake kira EEPROM, in ba haka ba agogon zai tsira, jadawalin ya ɓace. Ma'ajiyar tana jure rubutu kusan sau 100,000 a kowane gurbi, don haka a rubuta mata sanda aka canza wani abu kawai.

Batir ma wata rana zai ƙare. DS3231 yana ajiye alama idan ya taɓa tsayawa, kuma ana karanta ta da `rtc.lostPower()`. A irin wannan hali yakan koma 1 ga Janairu 2000. Ina ganin ya fi kyau a sa wata 'yar jar fitila ta riƙa ƙiftawa idan alamar ta bayyana, domin mai gona ya san lokaci ya yi da zai canza batir ya sake saitawa, maimakon na'urar ta ci gaba da aiki da lokacin ƙarya.

A sani kuma agogon ba ya samar da wuta. Idan babu wutar gari, babu sola, babu janareto, fitila ba za ta kama ba, awannin hasken da kaji suka rasa kuwa sun tafi. Abin da yake tabbatarwa shi ne duk sanda wuta ta dawo, na'urar ta san inda aka kwana. Ɓangaren rile da ke ɗauke da wutar gida kuma yana iya kashe mutum, a bar wa mai aikin wuta ya haɗa shi a cikin akwati mai murfi.

Kafin a kai na'urar ɗakin kaji, a gwada ta a kan tebur. A zare wutar a tsakiyar lokacin kunnawa, a jira minti goma, a mayar, a ga ko fitila ta kama da kanta. A sake zarewa kafin lokacin kunnawa ya yi, a mayar bayan ya shiga. Sannan a bar ta kwana guda babu wuta, da safe a kwatanta lokacinta da na wayar hannu. Idan ta ci waɗannan gwaje-gwaje uku, a kafa ta a bango.