Darasin Raba Gishiri da Yashi a Makarantar da Ba Ta da Ɗakin Gwaji

Malamin da yake karantar da kimiyya a ƙauyukan Nangere, inda takardar tace ruwa take wuyar samu sai an je Potiskum, in ya yi nazari zai ga hikimar darasin nan tana hannun Mangawa tun dā, domin su ma tace ƙasa mai gishiri suke yi, su dafa ruwan a tukwane har ya ƙafe.

Ya raba almajiransa biyar-biyar, ya ba kowane rukuni cokali ɗaya na gishiri da biyu na yashi, su zuba ruwa rubu'in kofi, su dama har gishirin ya narke. Sa'an nan su yanke wuyan gorar roba ta zama mazurari, su shimfiɗa ƙyalle ninki huɗu, su tace. Abin da ya ɗiga kuwa malamin da kansa zai ɗora a gwangwani bisa garwashi. Hujjar dai ita ce, gishiri yana narkewa, yashi ba ya narkewa, kuma ruwa yana tashi ya zama tururi ya bar gishiri.

Galibi illar daga yashi take fitowa, gama idan da laka cikinsa, ruwan zai fito gurɓatacce, gishirin ya yi ja. Saboda haka wajibi ne a wanke yashin tun jajibere. Ruwa kuma in ya yi yawa, minti 40 na darasin sai su ƙare bai ƙafe ba. Da zarar gishirin ya fara tsalle yana ƙara, a sauke gwangwanin, zafinsa ya ƙarasa busar da shi.